Yadda ake fitar da gajerun bidiyo na tsaye daga darasin da ya karɓu: misali da bidiyon wainar shinkafa

Yayata tana da tashar koyar da girki a YouTube, ni ne kuma mai yanka mata bidiyo da haɗawa. A duk abin da ta ɗora, babu wanda ya kama ƙafar darasin wainar shinkafa mai tsawon minti 14. Shekara ta zagayo amma har yau kallonsa ake yi. Da muka ce bari mu fitar da gajeru daga cikinsa don Shorts da TikTok da Reels, na ɗauka aikin rabin awa ne. Na farkon da na yi, na bar wa wata manhaja ta yanka da kanta, sai ta bi fuska. Aka ga Yaya ta cika allo tana cewa "kin ga yadda gefen ya yi ja", alhali tandar da take magana a kai tana can waje, an datse ta. Da na nuna mata, cewa ta yi: "To ni za a ci ko wainar?" Daga ranar na daina barin na'ura ta zaɓar mini abin da za a gani.

Lissafin da komai ya rataya a kansa

Bidiyon kwance da aka saba ɗorawa faɗinsa fiksel 1920 ne, tsayinsa 1080. Na tsaye kuwa akasin haka ne: faɗi 1080, tsayi 1920, wato 9:16. Idan kana so hoton ya cika allon waya daga sama har ƙasa, dole ka ɗauki tsayin nan 1080 gaba ɗaya, sannan ka yanki faɗin da ya dace da shi. Lissafin shi ne 1080 × 9 ÷ 16 = 607.5, sai a ce 608. Ke nan cikin fiksel 1920 na faɗin hotonka, 608 kaɗai za su tsira, ƙasa da kashi ɗaya cikin uku. Ka ɗauke shi kamar wata siririyar taga da kake turawa dama ko hagu a kan hoton: abin da ya faɗo cikin tagar shi mai kallo zai gani, sauran kuwa kamar ba a taɓa ɗaukarsa ba.

Akwai kuma asara ta biyu. Wannan yanki mai 608 da 1080 sai an buɗa shi kusan ninki 1.78 kafin ya kai 1080 da 1920, kuma duk hoton da aka buɗa yana rage kaifi. Idan asalin an ɗauka da haske mai kyau, ido ba ya damuwa da wannan. Idan kuwa da 4K aka ɗauka, wato 3840 da 2160, tagar za ta zama 1215 da 2160, ta fi abin da ake buƙata, don haka rage ta za a yi, babu asarar komai. Tun da na gane haka, duk darasin da muke sa ran fitar da gajeru daga cikinsa da 4K muke ɗauka, kuma muna matso da kayan aiki kusa da juna a kan tebur. Tun ran gini ran zane.

Saboda wannan lissafin ne matakin farko ya zama nemo asalin fayil ɗin da ka fitar daga manhajar haɗa bidiyo, ko ma ɗanyen abin da kyamara ta ɗauka. Kada ka sauko da bidiyonka daga YouTube Studio don wannan aikin, domin abin da yake ba ka ba ya wuce 720p. Tagar 720p faɗinta 405 ne kacal, buɗa ta kuma ninki 2.67 ne, ƙwayar shinkafa sai ta koma kamar an shafa mata man shanu. Wanda ya ɓatar da asalin nasa, ya nema ta Google Takeout. Wanda kuma aka turo masa ta WhatsApp, ya ce a sake turowa a matsayin `Document`, don turawar da aka saba matse bidiyo take yi.

Ina ne za a yanka

Ba inda ya fi burge ka za ka yanka ba, masu kallo sun riga sun nuna maka wurin. Shiga YouTube Studio, buɗe bidiyon, danna `Analytics`, sannan `Engagement`, ka dubi zanen da ke ƙarƙashin `Key moments for audience retention`. Layin yana gangarowa a hankali yayin da mutane ke ficewa, amma a wasu wuraren za ka ga ya yi tudu. Tudun nan, da aka rubuta wa `Spikes`, wuraren da ake komawa baya a sake kallo ne.

A darasin waina tudu uku muka samu: wajen minti 5:40 inda take ɗaga ludayi tana nuna kaurin ƙullu, wajen 8:30 inda take bayanin abin da ke sa waina ta kama jikin sabuwar tanda, da kuma 10:12 inda take nuna lokacin juyawa. Sai dai tudu fuska biyu gare shi. Wani lokacin ana komawa ne don wurin ya yi amfani, wani lokacin kuma don ba a fahimta ba. Na 8:30 da na saurare shi da kyau, sai na tarar ƙarar injin markaɗen maƙwabta ce ta danne muryarta, mutane suna komawa ne don su ji abin da ta ce. Wannan bai shiga jerin gajeru ba sai da ta sake naɗar muryar.

Kowane gajere tambaya ɗaya zai amsa, kuma ya tsaya da ƙafarsa. Hanyar gwadawa ita ce ka rubuta tambayar a layi ɗaya: "Yaushe ake juya waina?" Idan sai ka sa "da kuma" kafin tambayar ta cika, gajeru biyu ne a hannunka, raba su. Sannan ka saurari yankin kamar wanda bai taɓa ganin dogon ba, kana farautar kalmomin da ke jingina da abin da ya wuce: "kamar yadda na faɗa ɗazu", "wancan haɗin namu", "sai ki ɗauko shi". Shi wa? Ko dai ka cire jimlar, ko ka bari rubutu ya ambaci sunan abin.

Tun Oktoban 2024 YouTube ya yarda Shorts ya kai minti uku, amma wannan iyaka ce, ba wajibi ba. Tambaya ɗaya ta girki tsakanin daƙiƙa 30 da 50 take ƙarewa a wurinmu. Akwai ma wani dalilin tsayawa ƙasa da minti ɗaya: Short ɗin da ya haura minti guda, idan akwai kiɗan da mai shi ya yi da'awar haƙƙinsa a ciki, toshe shi ake yi baki ɗaya.

Mun ɗan yi ja-in-ja da Yaya a kan sallama. Ita a ganinta ba a faɗo wa mutane haka kawai babu gaisuwa, ni kuma na san daƙiƙa biyun farko ne mai kallo yake yanke shawarar tsayawa ko turawa sama, doguwar gaisuwar "barkanmu da sake saduwa a cikin wani sabon shiri" kuwa ta fi daƙiƙa goma. Muka rabu a kan cewa sallamar tana nan a rubutun da ke rakiyar bidiyon, shi kuma bidiyon ya fara da jimlarta mafi nauyi: "Kada ki juya waina sai gefenta ya bushe."

Yankin da na ɗauka daga 10:12 ne zuwa 10:59, daƙiƙa 47. A tsakiya, daga 10:24 zuwa 10:30, shiru ne ana jiran waina ta gasu, sai na cire waɗannan shidan, ya rage 41. Ka gama duk irin wannan yankan na tsawo kafin ka taɓa gefe, kuma ka gama gefe kafin ka rubuta harafi ɗaya. Duk wanda ya fara da rubutu, sau biyu zai yi shi.

Yankan gefe, ɗauka bayan ɗauka

A manhajar haɗa bidiyo ta CapCut a waya, buɗe sabon aiki, sa bidiyon, ka zaɓi `9:16` a wurin da aka rubuta `Aspect ratio` ko `Ratio`. Hoton zai zauna a tsakiya ƙarami, sama da ƙasa baƙi. Kafin ka buɗa shi da yatsu, bi ta cikinsa ka danna `Split` a duk inda kyamara ta canza ko abin da ake nunawa ya canza wuri. Dalilin shi ne kowace ɗauka da tata tagar. Taga ɗaya ba ta yi wa bidiyo duka. Namu ɗauka uku ya kasu.

Ta farko daƙiƙa 12 ce, kyamara daga gaba: Yaya a hagu, tanda a kan murhu a dama. Tsakanin fuskarta da tandar ya fi fiksel 800, don haka ba za su shiga taga mai 608 tare ba. A nan ne ake yin zaɓin da ya fi kowane muhimmanci, kuma tambayar da nake yi wa kaina ita ce: idan mai kallo zai kwaikwayi abin nan a kicin ɗinsa, me idonsa yake buƙata? Gefen waina yake buƙatar gani, muryar kuwa tana zuwa ko babu fuska. Sai na buɗa hoton har ya cika allo, wanda a CapCut na kwamfuta yake daidai da `Scale` 316%, na ja shi hagu har tanda da hannunta suka zo tsakiya.

Mai aiki da ffmpeg, manhajar sarrafa bidiyo da ake ba umarni a rubuce, zai iya yin wannan da lamba. Tsakiyar tandar tana wajen fiksel 1340 daga hagu. Rabin taga 304 ne, don haka tagar za ta fara daga 1340 − 304 = 1036. Lambar nan ba za ta wuce 1312 ba, wato 1920 − 608, in ba haka ba ka fita daga hoton.

```
ffmpeg -ss 00:10:12 -t 12 -i waina.mp4 \
 -vf "crop=608:1080:1036:0,scale=1080:1920,setsar=1" \
 -c:v libx264 -crf 18 -c:a aac dauka1.mp4
```

Ɗauka ta biyu ita ce ta fi ba ni wahala. Kyamara daga sama take, tanda mai rami bakwai ta cika hoton, faɗinta ya kusa fiksel 950, hannun Yaya kuma yana yawo daga rami zuwa rami. Idan na cika allo, rabin tandar zai tafi, kuma ainihin darasin shi ne a kwatanta ramin da ya isa juyi da wanda bai isa ba, su biyun a lokaci ɗaya. A irin wannan wurin kada ka dage sai allo ya cika. Yanki murabba'i, 1080 da 1080, wanda yake daidai da `Scale` 178%. Alherin wannan shi ne babu buɗawa ko kaɗan, kowane fiksel na asali yana zaune a kan fiksel ɗaya na allo, shi ya sa ɗaukar ta fi sauran kaifi. Filin da ya rage sama da ƙasa, fiksel 840, ana iya cike shi da launi ɗaya ko da hoton da aka dusashe. Ni na fi son launi mai duhu, domin dusasshen hoton da ke motsi a baya yana ɗauke ido daga tanda. Na kuma ɗaga murabba'in sama kaɗan, ya fara daga fiksel 250 ya ƙare a 1330, don rubutu ya sami wurin zama a ƙarƙashinsa.

Ta uku daƙiƙa 11 ce: ta ɗauko waina ɗaya daga tanda, ta kawo ta gabanta, ta ɓare ta biyu don a ga cikin ya yi laushi da huji-huji. Abin kallo ya tashi daga dama ya komo tsakiya, dole taga ta bi shi. A nan ake amfani da `Keyframe`, ɗan alamar nan mai siffar daimon. Tsayar da bidiyon a inda hannu ya fara tashi, danna alamar. Matsa gaba zuwa inda hannun ya tsaya, ka ja hoton har wainar ta dawo tsakiya. Alama ta biyu za ta fito da kanta, manhajar kuma ta cike tafiyar da ke tsakani. Alama biyu sun isa. Kuskuren da na sha yi shi ne bin kowane ɗan motsi na hannu da alama shida ko bakwai, sai hoton ya riƙa rawa kamar a mota aka ɗauka. Taga ta tashi tare da hannu, ta tsaya tare da shi, sannan ta zauna daram. Idan motsin ya yi sauri har ba ya kai rabin daƙiƙa, gara ka yi `Split` ka sauya tagar kai-tsaye.

Akwai hanya ta huɗu da ban yi amfani da ita a wannan gajeren ba: a raba allo biyu, fuska a sama, hannu a ƙasa, kowanne 1080 da 960. Tana yi wa wurin da bayani ya fi aiki yawa. Amma ƙasan allo ne manhajoji ke rufewa da rubutunsu, don haka idan ka sa aikin hannu a ƙasa, a wurin da ya fi cunkoso ka sa shi. Mai yin haka ya gwada juyawa, hannu a sama.

Abu ɗaya da ke tona asirin yankan ganganci shi ne tsohon rubutun da ke manne a dogon bidiyon. A namu, ma'aunin kayan haɗi yana kusurwar hagu ta ƙasa, sai taga ta raba shi, "kofi 3" ya koma "fi 3". Idan aikin asali yana nan a manhajarka, kashe layin rubutun ka sake fitar da bidiyo tsura. Idan babu, matsar da tagar har rubutun ya fita gaba ɗaya, sannan ka sake rubuta shi sabo. Rabin kalma ya fi babu muni.

Inda allo yake naka da inda ba naka ba

Duk da cewa allon 1080 da 1920 ne, ba duka ne naka ba. Sama akwai agogo da wurin bincike. Dama akwai jerin maɓallan so da sharhi da rabawa. Ƙasa akwai sunan tasha, bayanin bidiyo da sunan sauti. Kowace manhaja da nata tsarin, kuma suna canzawa, saboda haka na tsayar wa kaina iyaka ɗaya da nake amfani da ita ko'ina: fiksel 250 daga sama, 450 daga ƙasa, 130 daga kowane gefe. Hoto zai iya malalawa cikin waɗannan wuraren, amma rubutu da abin da ake koyarwa ba sa shiga. Na zana wannan iyakar a hoto mai shara-shara, ina ɗora shi da `Overlay` lokacin aiki, in goge kafin fitarwa. Sau ɗaya na manta ban goge ba, gajeren ya fita da jan layi zagaye da shi, sai da wani ya tambaya ko sabon salo ne.

Rubutun magana

Mutane da yawa a Adaidaita Sahu suke kallo, ko a layin asibiti, ko da dare yara na barci, sauti a kashe. Rubutun da ke bin magana shi ne muryar a wurinsu. Wuraren da ke fitar da rubutu da kansu an fi gina su don Turanci da manyan harsuna, Hausa kuwa gyaran abin da suka fitar yakan fi rubutawa daga farko cin lokaci. Daƙiƙa 41 ba ta wuce guntaye 15 ko 16 ba. Da hannu nake yi.

Idan dogon bidiyon yana da fayil ɗin SRT, mai ɗauke da rubutun magana da lokutansa, ba sai ka sake rubutawa ba, lokutan kawai za ka gyara. Ka cire lokacin da gajeren ya fara daga kowane layi. Jimlar da ke 00:10:19,400 a dogon, a gajeren za ta koma 00:00:07,400. Amma ka tuna daƙiƙa shidan da aka cire a tsakiya: duk layin da ya zo bayansu sai an ƙara rage masa shida. Wanda ke 00:10:33,000 ba 21 zai koma ba, 15 ne. A manhajar Subtitle Edit, `Adjust all times` da ke ƙarƙashin `Synchronization` yana yin wannan, kuma yana bari ka zaɓi layukan da abin zai shafa. Ga yadda ake gane irin kuskuren da aka yi: idan rubutu ya makara da tazara iri ɗaya daga farko har ƙarshe, lokacin farawa ne ba daidai ba, idan ya fara daidai sai a tsakiya ya kauce farat ɗaya, wani yanka ka manta ba ka lissafa ba.

Layin da ya dace da allon kwance yakan kai harafi 40, a tsaye kuwa fili 820 kawai ya rage maka bayan an cire gefe. Da harafi mai tsayin fiksel 60, layi ba zai ɗauki fiye da harafi 24 ko makamancin haka ba. Layi biyu a lokaci ɗaya, ba uku ba. Tsawon zaman kowane guntu kuma, ina ƙirga haruffansa in raba da 15, abin da ya fito shi ne daƙiƙoƙin da mai karatu yake buƙata, kuma ba na barin guntu ya gaza daƙiƙa ɗaya.

```
1
00:00:00,000 --> 00:00:02,600
Kada ki juya waina
sai gefenta ya bushe.

2
00:00:02,700 --> 00:00:05,300
Ki rage wuta kaɗan,
kada ƙasan ya ƙone.
```

Inda ake karya jimla yana iya juya ma'ana, kuma Hausa tana da nata tarkon. A gajeren kaurin ƙullu, Yaya ta ce "kada ki zuba mai da yawa". Na karya shi bisa inda ta ja numfashi, "kada ki" ya tafi da guntun baya, sabon guntu ya fito shi kaɗai a allo: "zuba mai da yawa". Duk wadda idonta ya sauka a lokacin, umarni ta karanta. Don haka "kada" da aikatau ɗinsa ba sa rabuwa, haka "ba" ta farko da "ba" ta ƙarshe su zauna a guntu ɗaya. Kalmar da ta ƙare da -n ko -r na mallaka, kamar "ƙullun" ko "shinkafar", ita ma tana jiran 'yar uwarta, kada ka bar ta a ƙarshen layi tana reto.

Shin rubutu ya bi magana kalma da kalma? Ya bi ta a ma'ana da jeri, amma "eh to", "wato", "kin gane ko" da maimaici ana iya zubar da su. Abin da ba a taɓawa shi ne ma'auni da sunan kaya. Idan ta ce rabin cokali na kanwa, rabin cokali za a rubuta, kuma guntun ya bayyana daidai lokacin da cokalin ya shigo hoto. Karin harshenta ma ina bar mata. Idan ta ce waina ba na mayar da ita masa, in kuma da masa ta ce, masa zan rubuta. Mai ji da karantawa lokaci ɗaya yana tuntuɓe idan kunne da ido suka saɓa.

Sai haruffa masu lanƙwasa: ƙ, ɗ, ɓ, da ƴ ga masu rubutu irin na Nijar. "Ƙara gishiri" da "kara gishiri" ba ɗaya ba ne a ido, ko da mai karatu zai iya cankar abin da ake nufi. Gboard yana da madannin Hausa. Matsalar ta fi zuwa daga salon harafi: da yawa daga cikin masu ado ba su da waɗannan haruffan, sai ko dai akwati ya fito a gurbinsu, ko manhaja ta aro harafin daga wani salo, ka ga ƙ siririya a tsakiyar kalma mai kauri. Kafin ka fara, rubuta "Ƙwai ɗaya ya ɓace, Ɗanladi" da salon da ka zaɓa, ka buɗa ka duba manya da ƙanana. Noto Sans da Andika suna da su duka. Fayil ɗin SRT kuma a ajiye shi a UTF-8, in ba haka ba haruffan su dawo alamar tambaya.

Fari da baƙin zagaye ya ishi rubutu a yawancin wurare, amma a kan ƙullun waina, wanda shi ma fari ne, sai da na sa masa baƙin akwati a baya. Launi ɗaya, salo ɗaya, wuri ɗaya a duk gajerun da suka fito daga darasi guda, don wanda ya ga na farko ya shaida na biyu tun kafin ya ji murya. Rubutun nan kuma manna shi nake yi a jikin bidiyon, saboda fayil ɗaya ne zai je manhajoji uku da kuma WhatsApp. Da ffmpeg haka ake yi:

```
ffmpeg -i gajere1.mp4 -vf "subtitles=gajere1.srt:force_style=\
'FontName=Noto Sans,FontSize=9,MarginV=70,MarginL=46,MarginR=46'" \
 -c:v libx264 -crf 18 -c:a copy gajere1_rubutu.mp4
```

Kada lambar 9 ta ruɗe ka. A nan ana auna harafi ne kamar tsayin allon 288 ne, don haka kowace lamba ɗaya tana daidai da fiksel 6.67 a allo mai 1920: 9 ta zama 60, 70 ta zama kusan 467 daga ƙasa. Wanda ya rubuta 60 kai-tsaye, kalma ɗaya za ta cinye masa allo.

Fitarwa da dubawa

Fitar da shi a 1080p, da adadin firem ɗin da aka ɗauki asalin da shi. Idan 30 ne a bar shi 30, mayar da shi 60 nauyi kawai yake ƙarawa. A 8 Mbps kowace daƙiƙa tana cin kusan megabait ɗaya, ke nan gajerenmu ya tashi wajen 41 MB, abin lura ga mai sayen data. Wannan fayil ɗin tsura shi za ka ɗora a kowace manhaja daban. Kada ka sauko da na TikTok mai tambari ka kai Reels, domin tun 2021 Instagram ya sanar cewa yana rage yaɗa bidiyon da ke ɗauke da tambarin wata manhaja.

A YouTube, adireshin da aka rubuta a bayanin Short ba ya dannuwa. Abin da ke mayar da mai kallo ga dogon darasin shi ne `Related video`, a shafin bayanan Short ɗin cikin YouTube Studio, ga tashar da aka buɗe wa `Advanced features`. Zaɓi darasin a wurin, sunansa zai fito a jikin gajeren a danna.

Kafin in sake shi ga jama'a, ina ɗora shi a ɓoye, `Private` a YouTube ko `Only you` a TikTok, in kalla a waya sau biyu, ba a kwamfuta ba. Na farko sauti a kashe: ina duba ko rubutu kaɗai ya isar da darasin, ko wani maɓalli ya hau kan harafi. Na biyu da sauti, ido a kan abin da take nunawa: duk lokacin da ta ce "nan" ko "wannan", abin yana cikin taga? A gajeren juya waina, kallo na biyu ne ya nuna mini cewa a daƙiƙa ta 19 ta ce "wannan bai yi ba tukuna" tana nuna ramin da ke can ƙarshen dama, daidai ƙarƙashin maɓallin sharhi. Na matsar da murabba'in fiksel 60 zuwa hagu, na sake fitarwa, sannan na tura wa Yaya ta gani a tsohuwar wayarta mai ƙaramin allo.